Yadda Ake Haɗa Bidiyon Gyara Fahimta a Kan Ciwon Noma Ba Tare da Kunyata Iyaye Ba

Idan ka tsaya a Ƙofar Rini ko Mabera a Sakkwato ka ce za ka yi bidiyo a kan noma, kowa gona zai hango. Sunan ciwon ya zo daga bakin likitoci, ya kuma ci karo da kalmar da muke da ita tun kaka da kakanni. A gidaje wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Ciwo ne da ke farawa daga dasashin ƙaramin yaro, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ya tashi daga baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin kwanaki kunci ya kumbura, fata ta yi baƙi, nama ya ruɓe ya zube. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran sukan mutu, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da shi idan an kama shi da wuri. A Sakkwato akwai asibitin yara na wannan ciwo tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Asibiti yana nan, magani yana nan. Matsalar ita ce yaro kan iso a makare, kuma nan ne bidiyon minti ɗaya da rabi yake da aiki.

Aikin ba da kyamara yake farawa ba. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka nemi iso ka zauna da iyaye mata da kakanni, da ungozoma, da wanzami, da mai maganin gargajiya. Kada ka tambaye su ko sun yarda aikin iska ne, domin tambayar kanta tarko ce, kuma za su ba ka amsar da suka ga kana so. Ka tambaye su me suka gani, da wace rana, kuma wurin wa suka fara zuwa. Abin da za ka ji zai ba ka mamaki: yaro ya daina cin abinci, bakinsa ya fara wari, miyau na dalala, jiya fuska lafiya yau ta kumbura. Waɗannan su ne alamomin da likita zai lissafa maka. Idon uwar bai yi kuskure ba ko kaɗan. Inda aka rabu shi ne dalili, kuma wanda ya ga fuskar ɗansa ta sauya cikin kwana uku babu rauni babu faɗuwa, ba abin mamaki ba ne ya ce daga ɓoye abin ya zo. Ni a wurina duk wanda bai ji wannan a zuciyarsa ba bai kamata ya riƙe kyamarar ba, domin rainin da ya ɓoye zai fito a muryarsa ko ya so ko bai so ba.

Daga nan sai ka zaɓi fahimta guda ɗaya tak. Za ka dawo da abubuwa da yawa a littafinka: ana cewa ana ɗaukarsa don haka a ware yaron, ana cewa baki ne aka yi wa iyaye, ana cewa asibiti ba ya iya masa. Ka ɗauki wadda ta fi jawo jinkiri. A nan ita ce cewa tunda ciwon iska ne, maganin asibiti ba huruminsa ba ne. Sauran ka ajiye su don wani bidiyon. Sannan ka kai jimlolinka uku ko huɗu wurin likita ko ma'aikaciyar jinya da ta saba ganin ciwon, ka karanta mata da Hausa, ta gyara. Idan ka rubuta cewa magani yana warkar da noma, za ta ce ka ƙara “idan an zo da wuri”, domin naman da ya riga ya zube sai tiyata, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Alkawarin da ya wuce gaskiya shi ne zai sa a ƙaryata ka a bidiyo na gaba.

Rubutun shi ne inda akasari ake ɓata rawa da tsalle, kuma ni ma na taɓa ɓatawa. A gwajina na farko na buɗe da babban rubutu ja mai cewa ƙarya ne, da alamar soke a kan kalmar iska. Na nuna wa wasu mata a tsakar gida, aka kalla shiru. Da aka gama, wata dattijuwa da ta yi jinyar jikanta ta miƙo mini wayar ta ce ai ta gane, su ne jahilan da ake nufi. Ba ta musa ko jimla ɗaya ba, amma na san ba za ta tura wa kowa ba, kuma ita ce wadda ake fara kira idan yaro ya kwanta a unguwar. Kuskure na biyu ban gan shi ba sai daga baya: abin da na fi bayyanawa a kan allo shi ne zancen da nake so a bari. Wanda ya kalli daƙiƙa biyar ya wuce, kalmar iska kawai ya tafi da ita.

Saboda haka jerin da nake bi yanzu shi ne a fara da gaskiyar da za a yi aiki da ita, a ambaci fahimtar mutane sau ɗaya cikin mutunci, a bayyana dalilin da ya sa ta zauna, sannan a koma kan aikin da ake so a yi. Muryar farko za ta iya cewa: “Inna, in bakin yaro ya fara wari, dasashinsa na jini, ki kai shi asibiti yau, kada a kwana.” Bayan an nuna hannun uwa tana ɗaga leɓen yaro a hasken rana, sai a ce: “Da yawanmu mun taso muna jin ana ce masa ciwon iska, don yana zuwa da sauri kamar daga sama. Saurin gaskiya ne. Abin da ke kawo shi ƙwayoyin cuta ne da ke cikin baki, waɗanda ke samun ƙarfi idan yunwa ko baƙon dauro sun raunana yaro.” Ka lura da “da yawanmu”. Idan ka ce “wasu mutane suna cewa”, ka ja layi ka tsaya a ɗaya gefen. Ka lura kuma ba a ce babu iska ba. Bidiyon lafiya ba wurin muhawarar aƙida ba ne, kuma ba ka bukatar cin wannan gardama kafin yaro ya sami magani. A bar wa mutane addu'arsu, a ce a yi ta a kan hanyar asibiti. Haka kuma kada a ce rashin tsafta ko sakacin uwa ne ya jawo. Uwar da hatsinta ya ƙare kafin kaka ta san abin da ya sami ɗanta fiye da kai.

Duka rubutun kada ya wuce kalma 200. Ka karanta shi da ƙarfi kana duba agogo, in ya haura daƙiƙa 90 ka rage.

Wa zai yi magana? Likita shi kaɗai cikin farar riga yana tabbatar da abin da ake tsoro, wato masu boko sun zo gyara mutanen gida. Ya fi kyau a haɗa biyu: ma'aikaciyar jinya ta faɗi alamomin, sannan wanda mutane suka saba zuwa wurinsa, wanzami ko mai magani ko kaka, ya faɗa da bakinsa cewa in ya ga kuncin yaro ya kumbura da wari asibiti yake turawa. Wannan jimla daga bakinsa ta fi bayanin minti goma, da sharaɗin da gaske haka yake yi. Kada a rubuta masa abin da bai yarda da shi ba, unguwa ta san shi. Kuma a bar kowa ya yi Sakkwatancinsa. Wanda ke cewa “tahi” da “macce” da “ɗiya” kada a tilasta masa Hausar labarun rediyo.

Hoton raunin kuwa a bar shi. Na san yana jan ido, amma yana koya wa mai kallo cewa noma shi ne ramin da ke fuska, alhali muna so ya gane shi tun yana dasashi. Ban da haka, yaron zai girma bidiyon yana yawo. Idan wanda ya warke, babba mai hankalin kansa, ya so ya yi magana, wannan daban ne. Mulikat Okanlawon, wadda ta sha tiyata a asibitin Sakkwato ta kuma zama ma'aikaciya a cikinsa, ta zaɓi ta tsaya gaban duniya da labarinta. Zaɓin nata ne. Ga kowa kuma, a yi masa bayani da Hausa inda bidiyon zai je, a gaya masa in ya fita ba ya dawowa, a nemi yardar maigida da ta uwar, kowanne daban.

Ɗaukar ba ta da wuya. Waya a tsaye, a inuwa, fuskar mai magana tana kallon haske, da hantsi kafin zafin bazara ya sa wayar ta ɗauke. Sauti ya fi hoto muhimmanci, domin mace za ta ajiye wayar tana aiki tana saurare, saboda haka a maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga, a nisanci janareto da titin kabu-kabu. Wajen tacewa kada a dogara da rubutu a kan allo, duk abin da aka rubuta a faɗe shi da baki. A fitar da shi a 720p don ya yi sauƙin turawa ta WhatsApp ko Xender.

Kafin a sake shi, a nuna wa mutum biyar ko shida da ba su san da aikin ba, cikinsu har da waɗanda suka riƙe fahimtar. Kada a tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. A bari a ɗan yi wata hira, sannan a tambaya: “Gwaggo, in kika ga bakin jikanki na wari, me za ki yi?” In ta ce asibiti a ranar, saƙo ya isa. In abin da ta tuna shi ne an ce ba iska ba ne, an koma gardama, sai a sake jera jimlolin. A kuma kalli fuskoki lokacin da aka zo wurin ambaton iska. In matasa suka yi dariya suna waiwayen tsohuwa, akwai kalmar da ta yi kaifi, a nemo ta a cire. Daƙiƙa goman ƙarshe na bidiyon kuwa a ba su ga hanya: a faɗi cewa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa shi ne matakin farko, a kuma ambaci asibitin noma na Sakkwato da baki, sau biyu, a hankali, yadda mai sauraro daga ƙauyen Kebbi ko Zamfara zai iya maimaita wa direba a tasha.