Ku buɗe hukuncin da kanku, ƴaƴana

Ya ku ƴaƴana masu karatun shari'a. Ni tsohon magatakardan kotu ne a nan Damagaram, hannuna ya daɗe cikin takardun ƙara kafin in koma zaure a Birni in zauna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata jikata da ta zo hutu daga jami'a, ta miƙo mini wata maƙala tana murna, wai ta samu ginshiƙin da za ta ɗora rubutunta na ƙarshen karatu a kai. Ba zan faɗi sunan marubucin ba, don ba shi kaɗai ke yin haka ba. Da'awarsa ita ce: shari'ar Hadijatou Mani ta nuna cewa kotun CEDEAO ta kama ƙasar Nijar da laifin nuna wa mata bambanci, don haka aiki da al'ada a kotunanmu ya faɗi. Ƙasan kowane shafi cike yake da lambobin dokoki, abin gwanin sha'awa. Na ce mata, to, ba a cinikin biri a sama, kawo mana hukuncin kansa.

Labarin kun san shi. An sayar da Hadijatou a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya a gidan wani mai mata huɗu a yankin Ƙonni. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce. Ƙaramar kotun Ƙonni a 2006 ta ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Babbar kotun Ƙonni ta juya wannan hukunci. Daga baya har kaso aka kai ta bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukuncinta.

Hukuncin kotu kamar gida yake mai zaure, da tsakar gida, da ɗaki. Da farko akwai labarin abin da ya faru. Sannan akwai abin da mai ƙara ya roƙa da abin da wanda ake ƙara ya mayar. Sannan dalilan alƙalai. Can ƙarshe ne, inda suke cewa saboda waɗannan dalilai, ake samun abin da aka yanke. A aikina na koyi fara karatu daga ƙarshen nan, sai in dawo baya. Haka na sa jikata ta yi, ta ɗora yatsa a kan layin tana karantawa a fili.

Kotun ta ce an bautar da Hadijatou, kuma Nijar ba ta kare ta yadda ya kamata ba, domin hukumomin mulki da na shari'a sun ga abin sun yi shiru. Ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Amma a kan nuna bambanci, kotun cewa ta yi ba a ɗora wa ƙasa wannan laifi, aikin mutumin da ya riƙe ta ne. A kan tsare ta da aka yi ma, ba ta yarda cewa tsarewar zalunci ce ba, tunda hukuncin kotu ne ya kai ta. Jikata ta ɗago kai ta ce, "Kaka, to ina ya samo maganar da ya sa a tsakanin baka biyu?" Muka koma baya muka nema, sai ga ta a sashen da lauyoyin mai ƙara ke gabatar da roƙonsu. Kalmomin suna cikin takardar, ba a ƙaga su ba, sai dai bakin lauya ne ya faɗe su, marubucin kuma ya sa su a bakin alƙali. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a rayuwata, kuma sau da yawa ba mugunta ke kawo shi ba. Mutum ne ya kwafo daga wani da ya kwafo daga wani, ba wanda ya buɗe asalin.

Sai muka juya kan dokar. Marubucin ya kafa hujja da aya ta 63 ta doka mai lamba 2004-50, ta ranar 22 ga Yuli 2004, wadda ta tsara kotunan ƙasar. Gaskiya ne ayar ta ce a yi wa mutane hukunci da al'adarsu a kan aure, saki, gado, wasiyya, da gonakin da ba su da rajista. Marubucin ya kawo wannan ya ce, kun gani, doka ta sakar wa al'ada mara ba iyaka. Amma ayar ba daga nan ta fara ba. Kanta sharaɗi ne: ana bin al'ada muddin ba ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasar ta amince da su ba, ko dokokin ƙasa, ko ƙa'idojin da suka shafi ƴancin mutum. Ya yanke kan ayar ya kawo mana gangar jiki. Duk inda kuka ga ɗigo uku a tsakiyar ayar doka, ku je ku ga abin da aka haɗiye.

Ku dubi yadda wannan ɗan guntun sharaɗi ke sauya komai. In da shi, alƙalin Ƙonni yana da abin da zai ture al'adar wahaya da shi tun 2006, balle ga dokar 13 ga Yuni 2003 da ta sa bauta cikin manyan laifuka. Ke nan aibin yana wurin waɗanda suka ƙi aiki da dokar da ke hannunsu, kuma abin da kotun CEDEAO ta kama ke nan. Ayar da hukuncin sun yi daidai da juna, maƙalar ce ta fita daban.

Shekaru kuma ku riƙa duba su. Maƙalar sabuwa ce, amma tana magana da dokar 2004 kamar ita ke aiki yau, alhali doka mai lamba 2018-37 ta ranar 1 ga Yuni 2018 ta maye gurbinta. Sabuwar ma ta bar wa al'ada wurinta. Shekara goma bayan hukuncin da aka ce ya rushe al'ada, majalisa ta sake rubuta ta cikin doka. Ai ko ba ku buɗe littafi ba, ku leƙa kotu a nan Damagaram ranar shari'ar gado ko ta gona, za ku tarar da masanan al'ada zaune gefen alƙali, bayan an gwada sulhu wurin mai unguwa ko a fada.

Marubucin ya kuma jero hukuncin kotun ƙoli na ƙarshen 2006 cikin hujjojinsa, kamar ta yi magana a kan al'ada. Kotun ƙolin ta soke hukuncin babbar kotun Ƙonni ne a kan kuskuren bin ƙa'idar shari'a, ta mayar da ƙarar a sake, ba ta taɓa maganar bauta ba. Hukunci irin wannan ba ya tsaya wa kowa shaida a kan gundarin magana.

Ban ce jikata ta jefar da maƙalar ba. Zuciyar marubucin tana wuri mai kyau, ni ma ina ƙin abin da aka yi wa yarinyar nan. Da ya ce shari'ar ta nuna ƙasa na ɗaukar alhaki in alƙalanta suka ga bauta suka kau da kai, da hujjojinsa sun ɗauke shi har gida. Ya ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne. Na sa ta rubuta da'awarsa cikin jimla ɗaya a saman takarda, ƙasa kuma kowace hujja da abin da ta faɗa da bakinta, wa ya faɗa, a wace shekara. Cikin manyan hujjojinsa uku, ba wadda ta kai inda ya aike ta.

Ta koma jami'a da hukuncin a jakarta, ta ja layi a ƙarƙashin sakin layin ƙarshe. Ku ma in kun tashi kafa hujja da shari'ar Hadijatou, ku nemi hukuncin gaba ɗayansa, ba shi da tsawon da zai gagare ku a yini guda.