Darasi: Abin Da Ke Sa Murya Ta Lalace a Kiran Intanet

Jama'a, da yawanmu muna kiran 'yan'uwa ta WhatsApp. Wani lokaci murya ta fito garau. Wani lokaci kuwa sai ka ji ta tana karkarwa kamar inji ne ke magana, ko kuwa kiran ya yanke gaba ɗaya. Yau za mu koyi dalili.

In ka yi magana, waya ba ta aika muryarka a dunƙule. Yanyanka ta ta kan yi ƙanana ƙanana, ta ɗaure kowane yanki kamar ƙunshi. Sau da yawa ƙunshi 50 ne ke tashi cikin daƙiƙa ɗaya. Wayar abokin maganarka ita ke karɓa, ta jera su bi da bi, sa'an nan ya ji magana.

To, in hanya ba ta da kyau, wani ƙunshi ya kan ɓace, wani kuma ya makara. Wayar da ke karɓa ta kan ɗan dakata wa wanda ya makara, amma ba ta iya jira da yawa, don magana ba ta tsayawa. Wanda ya wuce lokacinsa, shi da wanda ya ɓace duk ɗaya ne.

Me waya ke yi da gurbin da aka bari? Cikewa ta kan yi da ƙiyasi. Sai ta dubi sautin da ya gabata, ta ƙaga mai kama da shi, ta liƙa a wurin. In ƙunshi 1 ne ya ɓace cikin 100, kunne ba ya ganewa. In kuwa 5 ne su ka ɓace cikin 50, watau ɗaya bisa goma, faci ya yi yawa ke nan. Wannan facin shi ne muryar injin da ka ke ji. In ƙunshi su ka daina isowa sam, sai a rubuta Reconnecting a fuskar waya. In hanya ba ta dawo da wuri ba, kiran ya mutu.

Ga misali. Wani manomi yana cikin ɗaki mai rufin kwano, ya kira ɗansa da ke Kano. Shi yana jin ɗan sarai, amma ɗan yana ta cewa, "Baba, ba na jinka." Me ya faru? Ƙarfen sabis babba ne, yana aiko saƙo da ƙarfi. Waya kuwa ƙarama ce, da ɗan batirinta ta ke turawa. Saboda haka saƙon ƙarfe ya ratsa gini ya shigo, amma na waya ya kasa fita da kyau. Da uban ya fito tsakar gida, sai murya ta gyaru.

Kada sandunan sabis su ruɗe ka. Ƙarfin sigina kaɗai su ke nunawa, ba su nuna cunkoso. Ran kasuwa, ko bayan sallar Isha, mutane da yawa suna raba ƙarfe ɗaya, sai ka ga sanduna cike amma murya tana yankewa. Dubi kuma alamar da ke kusa da sandunan. In 4G ce, madalla. In harafin E ne, hanyar ta yi ƙanƙanta, da ƙyar ta ke ɗaukar kira.

Ga abin da ke taimako:

1. Kashe bidiyo. Murya kaɗai ba ta kan cinye megabait ɗaya cikin minti ɗaya ba, amma hoto mai motsi yana cin ninkin wannan sau da yawa.

2. Tsai da duk abin da waya ke saukewa ko aikawa. In kana raba wa wasu datarka, rufe tukuna.

3. Fita fili ko ka matsa bakin taga, ka tsaya wuri ɗaya. Cikin mota mai gudu waya tana sauya ƙarfe, a nan kira ke yawan yankewa.

4. Cikin saitin WhatsApp, shiga Storage and data, ka kunna Use less data for calls.

5. In duk sun ƙi, aika saƙon murya. Shi ba ya gaggawa: ƙunshin da ya ɓace a kan sake aika shi har saƙo ya cika. Ko kuwa ka yi kiran waya na kati.

Ku lura, sayen data mai yawa ba ya gyara murya in hanya ce ba ta da kyau. Cika rumbu ba ya faɗaɗa ƙofarsa.

Tambayoyi

1. Me waya ke yi in ƙunshin murya ya ɓace?

2. Don me uban nan ya ke jin ɗansa, amma ɗan ba ya jinsa?

3. Don me saƙon murya ke isa lafiya inda kira ya kāsa?