Yadda ake saita PowerPoint ya raba minti biyar-biyar tsakanin masu jawabi

A zaman tattaunawa da aka ba kowane mai jawabi minti biyar, wanda ya fi cutuwa shi ne na ƙarshe. Mu ɗauka an ware minti 30 ga mutum huɗu. Shugaban zama ya ci minti biyu wajen gabatarwa, ukun farko kowa ya zarce da minti biyu, sannan kowane canjin laftof, da cire wayar majigi da jiran hoto ya fito, ya ci minti ɗaya da rabi. Kafin na huɗu ya karɓi makirufo minti 27 da rabi sun tafi. Saura masa biyu da rabi, tambayoyin mahalarta kuwa babu su.

Maganin da ya fi aiki shi ne a ɗauke aikin tsaron lokaci daga hannun mutum a ɗora wa kwamfuta. Shugaban zama yakan ji nauyin katse babba yana magana, shi kuwa silaid ba ruwansa da wannan. Tarukan Ignite, da aka fara a birnin Seattle a 2006, a kan haka suke tafiya: silaid 20, kowane yana wucewa da kansa bayan sakan 15, jimla minti biyar cif.

Ba dole ba ne ka tilasta wa kowa silaid 20. Abin da za a raba daidai shi ne sakan 300, kowa ya yanka nasa yadda ya dace da maganarsa. Mai silaid biyar zai iya ba kowane sakan 60, mai goma ya ba kowane 30. Mai jadawalin alƙaluma da ke buƙatar bayani zai iya ba shi sakan 120, ya raba 180 da suka rage ga silaid shida, talatin-talatin. Wanda ya turo silaid 35 kuwa, gara ka mayar masa ya rage tun daga gida, don kowane ba zai kai sakan tara a allo ba.

Ka karɓi fayil ɗin kowa kwana ɗaya kafin taron, ka haɗa su a fayil guda a laftof guda. Idan ka kwafo silaid ɗin wani ka liƙa, zaɓi Keep Source Formatting domin launinsa da salon rubutunsa su tsaya yadda ya tsara. Ka kuma sanar da su tun farko cewa girman 16:9 za a yi amfani da shi, don na 4:3 yakan karkace idan aka haɗa.

Daga nan ka koma Slide Sorter, ka zaɓi silaid ɗin mai jawabi na farko kaɗai. Shiga Transitions, a ɓangaren Advance Slide ka cire alamar On Mouse Click, ka sa alama a After, ka rubuta lokacin, misali 00:30.00. Kada ka taɓa Apply To All, domin zai shafe lokutan da ka saita wa sauran ya maye gurbinsu da wannan ɗaya. Lokacin kowane silaid zai fito a ƙarƙashinsa, sai ka tara ka tabbatar na kowa ya ba da 300.

Tsakanin mai jawabi da mai bi masa ka saka silaid ɗaya mai ɗauke da sunan na gaba, ka bar shi a kan On Mouse Click ba tare da After ba. Shi ne alamar cewa lokacin wancan ya cika, kuma zai tsaya nan har na gaba ya miƙe ya karɓi makirufo. Ta haka tafiyarsa zuwa mumbari ba za ta shiga cikin minti biyar ɗinsa ba.

Idan ka gwada ka ga silaid ba ya motsi, duba Slide Show, sannan Set Up Slide Show, ka tabbatar an zaɓi Using timings, if present maimakon Manually. Idan kuma jimlar wani ta zarce abin da ka lissafa, galibi bidiyo ne ko rubutu mai shigowa layi-layi yake riƙe silaid ɗin, sai a cire ko a gajarta. Kuma idan aka ɗauke wuta majigi ya mutu, laftof zai ci gaba da ƙirga lokaci a kan batir. Danna S ya dakata, ka sake danna S idan hoto ya dawo.

Akwai inda sakan 300 ga kowa ba adalci ba ne. Wanda ake fassara maganarsa jimla bayan jimla rabin lokacin kawai yake samu, haka mai in'ina yana buƙatar ƙari. Irin wannan ƙari a yanke shi kafin taro, a sanar da sauran, a cire shi daga mintunan da aka ware wa tambayoyi.