DARASIN FIƘIHU: YADDA AKE KARANTA TAKARDAR CINIKIN MURABAHA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2012, wasu bankunan Musulunci suka biyo baya, takardun ciniki sun shigo gidajenmu. Sau da yawa kai ne za a miƙa wa takardar a ce, "Kai ɗan makaranta, duba mana." To, sunan Musulunci da ke saman takarda ba shi ke halatta ciniki ba. Abin da aka rubuta a ciki, da yadda aka aikata shi, shi ne abin dubawa.

Murabaha ita ce mutum ya sayar da kaya bayan ya faɗi nawa ya saye su da kuma ribar da ya ɗora. A banki ana haɗa ta da ajali, wato a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mu ɗauka mahaifinka yana son babur don neman abinci, ya je banki, aka ba shi takarda. Ga wurare uku da za ka tsaya a kansu.

Na farko: Riba

Nemi lambobi uku: kuɗin da banki ya sayi babur, ribarsa, da jimla. A misalinmu banki ya saya a kan N1,200,000, ya ɗora ribar N240,000, jimla N1,440,000. Za a biya cikin wata 12, kowane wata N120,000. Ɗauki alƙalami ka ninka N120,000 sau 12. In bai ba ka jimlar da aka rubuta ba, akwai wani kuɗi da aka cusa, sai a tambaya.

Ƙara farashi saboda ajali halal ne a wurin jamhurin malamai, muddin an tsaya a kan farashi guda kafin a rabu. Don haka kada ka yarda da takardar da ta ce "kashi 20 cikin 100" kawai ta yi shiru. Kashi 20 na dukkan cinikin, ko na kowace shekara? In na kowace shekara ne kuma ajalin shekara biyu, riba ta zama N480,000, jimla N1,680,000, wato N70,000 a wata har wata 24. Ka ga biyan wata ya yi sauƙi, amma riba ta ninka. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi da Naira. Idan kuwa ka ga an ce farashi zai iya sauyawa bayan sa hannu, wannan ya ɓata ciniki, domin ba a san abin da za a biya ba.

Na biyu: Yaushe babur ya zama na wa?

A nan ne gizo ke saƙa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Hakimu bin Hizam sayar da abin da bai mallaka ba. Saboda haka dole babur ya shiga mallakar banki kafin banki ya sayar wa Baba. Ana gane wannan ta hanyar jera takardu bisa kwanan wata.

Takardar farko alkawari ce: Baba ya ce in banki ya sayo babur zai saya. Wannan ba ciniki ba ne tukuna. Ta biyu rasiɗin dila ne, kuma sunan banki ya kamata a gani a kai. Ta uku ita ce ta sayarwa tsakanin banki da Baba. In alkawari ran 3 ga wata ne, rasiɗi ran 10, sayarwa ran 12, to tsari ya yi daidai. In kuwa an sa Baba ya sa hannu a takardar sayarwa tun ran 3, an sayar masa da abin da babu shi a hannu ke nan.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka tambayi kanka: da an sace babur ɗin ran 11, asarar wa? Amsa ita ce ta banki, domin shi ne mai shi a ranar. Ɗaukar wannan kasada ce ta halatta masa riba. Takardar da ta ɗora wa Baba asara tun daga shagon dila ta mayar da banki mai ba da bashin kuɗi da ƙari, kuma wannan shi ne ribar da Alƙur'ani ya haramta.

Wani lokaci banki kan wakilta Baba ya je ya sayo da kansa. Ya halatta, amma a lokacin shi ɗan aike ne. Sai ya sanar da banki an sayo, sannan a ƙulla ciniki. Kuma idan Baba ya riga ya gama ciniki da dila tun kafin ya je banki, ba sauran murabaha a kan wannan babur, sai fa in an warware cinikin farko da gaske.

Daga ran 12 babur na Baba ne, ko da bai biya ko sisi ba. Abin da banki ke da shi bashi ne a wuyansa. Banki na iya riƙe takardun babur a matsayin jingina, amma jingina daban, mallaka daban.

Na uku: In an makara

Wannan sashe yakan zo can ƙarshe da ƙananan haruffa, kuma shi ne mutane ba sa karantawa. Mu ce Baba ya biya wata shida, wato N720,000, saura N720,000, sai ciwo ya kwantar da shi. Ka'ida ita ce bashi ba ya ƙaruwa don an ƙara lokaci. Cewa "ka biya ko a ƙara maka" shi ne ainihin aikin Jahiliyya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda yake cikin matsi har ya sami sauƙi. Mai hali da ke taurin bashi kuwa, hadisi ya kira aikinsa zalunci.

Saboda irin wannan mai taurin kai ne za ka ga an rubuta cewa wanda ya makara zai ba da wani kuɗi. Malaman zamani da yawa sun yarda da haka bisa sharaɗin kuɗin ya tafi sadaka, suna kafa hujja da maganar wasu malaman Malikiyya kan wanda ya ɗora wa kansa sadaka in ya saɓa lokacin biya. Wasu malaman ba su yarda ba. Kai dai ka duba: nawa ne, daga wace rana ake lissafi, ina kuɗin zai tafi, kuma an ware wanda matsi ya hana? In kuɗin zai shiga ribar banki, babu alheri a ciki.

Ka kuma nemi layin da ke cewa in an tsallake biya, duk sauran bashi zai faɗo gaba ɗaya. Bayan wata nawa? Za a fara aiko da gargaɗi? Idan har ta kai ga sayar da jingina, a ce an sayar da babur N900,000, banki zai ɗauki N720,000 da yake bi, da abin da sayarwar ta ci, ragowar kuwa ta Baba ce. Ba a cinye jingina.

Aikin gida

Banki ya sayi keken ɗinki N300,000, ya ɗora ribar N60,000, za a biya cikin wata 10. Nawa ne biyan kowane wata? Idan keken ya faɗi ya karye a hanya kafin a ƙulla sayarwa, asarar wa? Kawo amsarka ranar Asabar.

Ku kuma iyaye, ku nemi a ba ku takarda ku zo da ita gida kafin sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Ke nan bai kamata ya jahilci abin da aka rubuta a kansa ba.

Allah Ya tsare mu da cin haram. Wallahu a'alamu.