Na sake dubawa, amma kuskuren yana nan

Malam, ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare, ina shirin WAEC. A jarrabawar gwaji an ba mu fili mai siffar tirafiziyam: gefuna biyu masu tafiya daidai da juna mita 8 da mita 14, tazarar da ke tsakaninsu santimita 400. Aka ce a nemo girman filin. Na yi ½ × (8 + 14) × 400, na samu murabba'in mita 4,400. Na sake danna kalkuleta, amsar ba ta canza ba, amma malaminmu ya soke ta. Ya ake gane kuskure tun kafin a miƙa takarda?

Ɗaliba daga Funtuwa

'Yata, kalkuleta abin da kika ba ta shi za ta mayar miki, ko sau nawa kika danna.

Da kin fara da kiyasi, da tuni kin ankara. Santimita 400 mita 4 ne kacal. Filin nan ya fi ɗaki mai mita 8 da 4, wato 32, bai kuma kai mai 14 da 4 ba, wato 56. Duk amsar da ta fita daga tsakanin nan ƙarya ce. Taki kuwa ta haura rabin filin ƙwallo, wanda yake kusan murabba'in mita 7,000!

Inda aka yi ɓarin shi ne ma'auni. Kin ninka mita da santimita, sannan kika liƙa m² a ƙarshe. Ki riƙa rubuta ma'auni a jikin kowace lamba tun daga layin farko: ½ × 22 m × 4 m = 44 m². Mita sau mita shi ke haifar da m². In kin zaɓi yin aikin da santimita, za ki samu 440,000 cm², sai ki raba da 10,000, ba 100 ba, domin murabba'in mita ɗaya santimita 100 ne sau 100. Sai dai ma'auni ba ya kama wanda ya manta ½: amsarsa 88 m² ce, ma'auninta daidai. Kiyasin nan na 56 ne zai tona shi.

Sai hanya ta biyu, wadda ba ta taɓa fomular farko ba. Yanke tsakiyar filin, 8 sau 4, kin samu 32. Ɓangarori biyun da suka rage ki haɗa su, su zama alwatika mai gindi 14 − 8 = 6, tsayi 4, rabin 24 kenan, 12. Jimla 44.

Amma ki kula, in tun farko kin ɗauki karkataccen gefe a matsayin tsayi, hanyoyin biyu za su haɗa baki su ba ki amsa ɗaya mara daidai. Don haka ki koma kan zanen, ki tabbata layin da kika kira tsayi shi ne mai alamar kusurwa 90°.