Ninkin Tela da Lambar Kafaɗa

In ka taɓa tsayawa a bakin shagon tela a unguwar Badawa ta Nassarawa, cikin Kano, lalle ka ga abin da yakan yi da yadi kafin ya sa almakashi. Yakan ninka shi biyu, don ya fitar da hannuwan riga biyu da yanka guda. In ya sake ninkawa, sai yadin ya zama riɓi huɗu. Telan ba ya kiran wannan aiki lissafi, amma kuwa lissafi ne sosai, shi za mu koya yau.

To, kowa ya sami fallen takarda guda wanda ba a bukatarsa. Kada a yage daga littafin aiki! Ku ninka shi sau ɗaya, ku ƙirga, za ku sami riɓi 2. Ku sake ninkawa, riɓi 4. Ku ninka na uku, riɓi 8. Kowane ninki yana mai da abin da ke hannunku biyunsa. Watau ninki uku shi ne 2 × 2 × 2, ya ba da 8.

Masu lissafi ba su son dogon rubutu. Maimakon su jera biyu har sau uku, sai su rubuta 2³. Babbar lambar da ke ƙasa za mu kira ta lambar gindi. Ƙaramar da ta hau bisa kuwa za mu kira ta lambar kafaɗa, gama a kafaɗar babbar take zaune. Aikinta guda ne tak: ta gaya mana sau nawa aka ninka. Wani masani na ƙasar Faransa, René Descartes, shi ya yaɗa wannan irin rubutu cikin littafin da ya fitar a 1637.

Nan ne yara da yawa sukan fara tuntuɓe. Su ga 2³, sai su ce, “Biyu sau uku, shida.” Wanda ya yi shakka ya ƙirga riɓin takardarsa. Takwas zai samu, ba shida ba.

Yanzu ga doka ta fari. Takardarka tana da ninki uku, watau riɓi 8. Ka ƙara mata ninki biyu. Ninki biyu yana mai da abu huɗunsa, saboda haka 8 × 4, riɓi 32 ke nan. Amma sau nawa ka ninka duka duka? Uku da biyu, biyar. Ashe 2³ × 2² = 2⁵, kuma 2⁵ shi ne 32. In za a yi sau da lambobi biyu masu gindi ɗaya, sai a tara lambobin kafaɗunsu kurum.

Ku lura fa, na ce masu gindi ɗaya. In aka ba ka 2³ × 3², dokan nan ba ta aiki, domin gindin ya bambanta. Sai ka warware kowace ita kaɗai, 8 × 9, ka sami 72.

Doka ta biyu komawa baya ce. Ga takardarka mai ninki biyar, riɓi 32. Buɗe ninki ɗaya, sai riɓin ya ragu zuwa 16. Buɗe wani, ya koma 8. Kowace buɗewa rabawa ce gida biyu. Ka buɗe biyu cikin biyar, saura uku. Watau 2⁵ ÷ 2² = 2³, daidai da 32 ÷ 4 = 8. Wajen rabawa, sai a ɗebe lambar kafaɗa ta biyu daga ta fari.

To, ga inda maganar take. Takardar tana da ninki uku. Ci gaba da buɗewa. Ninki biyu, riɓi 4, shi ne 2². Ninki ɗaya, riɓi 2, shi ne 2¹. Buɗe na ƙarshe. Yanzu ba sauran ninki ko ɗaya, saboda haka lambar kafaɗa ta zama sifiri, a rubuta 2⁰. Dubi hannunka. Takardar ta ɓace ne? A'a, ga ta nan shimfiɗe, falle ɗaya, yadda ka ɗauko ta. Ashe 2⁰ = 1.

Wani yaro mai gardama zai ce, “Malam, ai wannan takarda ce, ba lissafi ba ne.” Madalla da gardama irin wannan. Bari mu gwada da doka ta biyu. Mu raba 2³ da 2³. Bisa doka, uku a ɗebe uku, saura sifiri, amsa 2⁰. In kuwa muka warware, 8 ÷ 8 ne. Goro takwas a raba wa mutum takwas, kowa ya sami ɗaya. Tambaya guda ce muka bi ta hanya biyu, ba shi yiwuwa ta ba da amsa biyu dabam. Tilas 2⁰ ya zama 1, in ba haka ba dokar ta karye.

Ba biyu kaɗai ke da wannan hali ba. Ku duba kuɗi. Naira 1000 ita ce 10³, domin 10 × 10 × 10 ne. Raba ta gida goma, ka sami naira 100, watau 10². Sake rabawa, naira 10, watau 10¹. Sake rabawa gida goma, me ya rage? Naira 1, watau 10⁰. Haka biyar take: 125, sai 25, sai 5, sai 1. Ko lambar gindi ta kai dubu, matakin ƙarshe shi ne a raba ta da kanta, abin da aka raba da kansa kuwa ɗaya yake bayarwa. Tun a 1484 wani masani mai suna Nicolas Chuquet, a birnin Lyon, ya riga ya sa sifiri a wannan matsayi cikin rubutunsa.

Me ya sa yara sukan rubuta 5⁰ = 0 ran jarrabawa, su yi asarar maki a banza? Domin sun tuna 5 × 0 = 0, sai suka ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A 5 × 0, an ce ka kawo biyar sau sifiri, ba ka kawo kome ba. A 5⁰ kuwa, ɗaya yana hannunka tun da fari, an ce kada ka ninka shi, sai ya zauna ɗayansa.

Lamba guda ce aka ware daga wannan magana, ita ce sifiri kanta in ta zauna a gindi. Hujjarmu ta tsaya ne bisa raba lamba da kanta. To, 0³ sifiri ne, kuma 0³ ÷ 0³ ya zama 0 ÷ 0. A wajen rabawa mukan gwada amsa da sau: 8 ÷ 8 ɗaya ne, gama 8 × 1 = 8. Amma wace lamba za a yi sau da sifiri ta ba da sifiri? Ɗaya ta yi, bakwai ta yi, ɗari ma ta yi. Tun da kowace lamba ta dace, ba mu da amsa guda da za mu kama. Don haka ne akan ce kowace lamba mai sifiri a kafaɗa ɗaya ce, muddin ita kanta ba sifiri ba ce.

Tambayoyi

1. Tela ya ninka yadi sau huɗu. Riɓi nawa ya samu? Rubuta da lambar kafaɗa.
2. Warware 3² × 3², sa'an nan 10⁵ ÷ 10³.
3. Wanne ya fi yawa, 9⁰ ko 2¹?
4. Wani yaro ya rubuta 7⁰ = 0. Nuna masa kuskurensa da 7² ÷ 7².
5. Gwada a gida: sau nawa za ka iya ninka fallen takarda kafin ta gagare ka? Riɓi nawa ke nan?