Wa ke da ikon sauke shugaban ƙaramar hukuma?

Mai karatu, a ce mutanen Batsari ko na Safana sun yi layi cikin rana sun zaɓi ciyaman da kansilolinsu. Shin gwamna na iya wayar gari ya ce su kwashe nasu-ya-nasu? Amsar tana cikin abin da ake kira raba iko.

Tsarin mulkin 1999 ya kasa ikon gwamnati gida uku. Sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni zartar da ita, sashe na 6 kuma ya bar wa kotuna fassara ta da raba gardama. Hikimar ita ce kada mai tuhuma ya zama shi ne alƙali, shi ne kuma dogari.

Mun ga wannan da idonmu a Jihar Katsina. A 2015, bai daɗe da hawa mulki ba, Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi 34, waɗanda aka zaɓa zamanin tsohon gwamna Ibrahim Shema, bisa zargin almundahana da dukiyar jama'a. Batsari da Safana na cikinsu. Waɗanda aka sauke suka garzaya kotu, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli. Ranar 7 ga Mayu, 2021, kotun ta yanke cewa rushewar ta saɓa wa tsarin mulki, domin sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi.

A lura da kyau. Kotu ba ta hana a binciki wanda ake zargi ba. Idan gwamna na da hujja, sai a gurfanar da mutum gaban alƙali, shi ne mai cewa an ci ko ba a ci ba. Ko majalisar dokokin jiha ce ta yi dokar da ta ba gwamna wuƙa da nama a kan zaɓaɓɓu, dokar ba ta da tasiri, domin sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da tsarin mulki ta faɗi.

Sai dai fa, a ganina, nan ne gizo ke saƙar. Kusan shekara shida aka kwashe kafin hukuncin ya fito, wa'adin mutanen ya riga ya ƙare tuni. Kujera ba ta dawo ba. Abin da kotu ta umarta shi ne a biya su albashi da alawus ɗinsu. Ita kuwa kotu ba ta riƙe da baitulmali, ba ta da 'yan sandan kanta, ɓangaren da ya sha kaye shi ne zai fitar da kuɗin. Manomin Safana da ya kaɗa ƙuri'a kuwa ba a biya shi komai ba, kuma bai sake zaɓen ciyaman ba sai a 2022.